Yadda mai gida zai ce wa mai neman haya a'a, a rabu lafiya

Mai neman gidan haya a Katsina ya san ana samu ana rasawa. Ya zaga Ƙofar Ƙaura, ya leƙa Sabuwar Unguwa, ya bi dillali har Tudun Matawalle, kuma da wuya ya riƙe ka a zuciya don kawai ka ce naka ba zai samu ba. Abin da ke kai mutane gaban mai unguwa, wani lokaci har gaban alƙali, shi ne abin da aka bari yana reto bayan hanawar: an ja masa rai da “sai mun yi magana” har wani gidan ya wuce shi, ko kuɗinsa sun maƙale tsakanin mai gida da dillali, ko an faɗa masa dalilin ƙarya ya gano daga baya. Wannan bayani na mai gida ne da ya riga ya yanke shawara ba zai bayar ba, yana son ya sanar da mutumin yadda gobe za su haɗu a masallaci ko a wurin ɗaurin aure su gaisa da sakin fuska.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗauka kana da gida a Ƙofar Ƙaura, ɗaki biyu da falo da kicin, kuɗin haya naira 450,000 a shekara. Sashen gaba mahaifiyarka ce a ciki, rijiya ɗaya ake ɗiba, sokawe ɗaya ne ya haɗa sassan biyu. Dillali ya kawo maka wani ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki daga Funtua. Ya ga gida ranar Litinin, ya yi masa, ya ba dillalin naira 50,000 kafin alƙalami, ya bar kwafin katin shaidarsa na wurin aiki da takardar lambarsa ta ɗan ƙasa. Ya ce zai biya 250,000 yanzu, ragowar 200,000 bayan wata biyar. Da ka yi tambaya ka ji su tara ne a gidan, da shi da matarsa da yara shida da ƙanensa. Ka san gidan ba zai ɗauka ba.

Da farko ka tabbatar har yanzu kana da damar cewa a'a

Kafin ka ɗauki waya, zauna ka tuna abin da ya fita daga bakinka da abin da ya shiga hannunka. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin a wurinmu ciniki da baki ake ƙulla shi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, haya tana ƙulluwa da tayi da amsawa, idan an san gidan, an san kuɗin, an san tsawon lokacin. Idan ya ce “na karɓa a 450,000 shekara ɗaya”, kai kuma ka ce “na ba ka” ko “na sallama, Allah ya sa albarka”, to magana ta wuce neman haya, an yi alkawari. Abin da ya rage maka a nan shi ne ka nemi ya yarda a warware, kuma yana da damar ya ƙi. Harshen da za ka yi amfani da shi ma ya canza: roƙo ne da ban haƙuri, har da biyan abin da ya kashe saboda maganarka, kamar kuɗin motar kwasar kaya da ya riga ya bayar.

Idan kuwa ka karɓi kuɗin shekara, ka rubuta rasit, ka miƙa makulli, ya zama ɗan haya ko da bai kwana a gidan ba. Fitar da ɗan haya hanya ce daban, da takardar sanarwa da wa'adi, kuma idan ya ƙi fita kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Canza kwado ko cire ƙofa ba abin da zai jawo maka sai ƙara.

A misalinmu, abin da ka faɗa ranar Litinin shi ne “bari in yi shawara, zan neme ka”. Ba ka sallama ba, makulli na aljihunka. Saura abu ɗaya da za ka bincika: me dillalin ya ce da yawunka lokacin da ya karɓi dubu hamsin ɗin? Kira shi ka tambaye shi kai tsaye. Idan ya ce wa mutumin “ai gida ya zama naka, Alhaji ya amince”, to mutumin yana can yana ɗaure kaya, kuma dole maganarka ta fara da gyara wannan. Kai ka aike shi, don haka ba za ka tsaya kana cewa ba ruwanka ba.

Zaɓen dalilin da za ka faɗa

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, don kusan duk abin da zai biyo baya a kan wannan zaɓi ya rataya.

Kana da dalili biyu a hannu: biyan kuɗi kashi biyu, da yawan mutane. Wanda ya fi sauƙin faɗa shi ne na kuɗi, kuma shi mutane suka fi kamawa don ba ya taɓa iyalin kowa. To amma ka yi wa kanka tambaya ɗaya tukuna: idan ya kawar da wannan dalili, zan ba shi gidan? Ka ce masa matsalar ita ce kana son kuɗi a dunƙule. Ya tafi ya sayar da babur ɗinsa, ya ranci ragowar wurin yayansa, ya dawo ranar Alhamis da 450,000 cif. Yanzu me za ka ce? Duk abin da ka faɗa a lokacin zai zama dalili na biyu, kuma mutumin zai gane na farkon ma rufe ido ne. Ga babur ya tafi, ga bashi. Daga nan ake fara “ai wulaƙanci ya yi niyyar yi mini tun farko”.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: dalilin da mutum zai iya gyarawa sharaɗi ne, kuma sharaɗi ana faɗarsa ne kawai idan da gaske za ka bayar in an cika. Idan kuɗin ne kaɗai matsalarka, ka faɗa a matsayin sharaɗi da ranarsa: “Idan an samu cikon zuwa Juma'a bayan La'asar, gida naka ne, in ba a samu ba zan ba wani.” Idan kuwa ko ya cika ba za ka bayar ba, kada ka ambaci kuɗin sam. Ka faɗi dalilin da ba ya motsi, guda ɗaya, ka tsaya a kansa.

A misalinmu dalilin shi ne gidan ba zai ɗauki mutum tara ba. Yadda za ka juya maganar yana da muhimmanci ƙwarai. Bahaushe ba ya son a ce masa 'ya'yansa sun yi yawa, kuma yana da gaskiya, yara arziki ne. Ka ɗora gazawar a kan gidan, don can take da gaske: ɗaki biyu ne, sokawe ɗaya da sashen gaba, rijiyar tana ja baya daga watan Maris har ruwa ya sauka. “Gidan ya yi wa iyalinka kaɗan” da “kun yi wa gidan yawa” lissafi ɗaya ne, amma ɗaya ana iya maimaita shi ga matarsa ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Akwai ƙarya biyu da suka zama ruwan dare, ina roƙon ka guje musu. Ta farko, “ɗana ne zai yi aure ya shiga”. Katsina ba ta da girman da wannan za ta ɓoyu. Bayan sati biyu mutumin zai wuce ta layin, ya ga motar kayan wani baƙo a ƙofar gidan, ko dillalin da kansa ya ba shi labari. Ta biyu, ƙara kuɗi don ya gudu da kansa: ka ce ai 600,000 ne yanzu. In ya amince ka shiga tarkon da ka haƙa, in ya tafi kuma ya ji ka ba wani a 450,000, ya san abin da aka yi masa.

To idan dalilin na gaskiya ba ya faɗuwa fa? Misali ka tambayi tsohon mai gidansa ya ce maka sai an yi ta fama kafin ya biya, ko maƙwabta sun ce akwai yawan hayaniya. Wannan ba ka gani da idonka ba, ji ka yi. Kada ka faɗa masa, kada kuma ka ƙirƙiro wani a madadinsa. Kana da damar ka ce: “Na yi shawara, na ga ba zan iya bayarwa ba a wannan karon.” In ya matsa, ka ce: “Shawara ce tawa da iyalina, ina roƙon ka yi mini uzuri.” Wannan gaskiya ce, kuma ba ta jefa wanda ya ba ka labari cikin rigima ba. Idan ka ce “an ce mini ba ka biyan haya”, tambaya ta gaba ita ce “wa ya ce?”, daga nan kuma sai batun ɓata suna, wanda laifi ne da ake kai ƙara a kansa. Abin ya fi tsanani idan mace ce mai nema, bazawara ko ma'aikaciya da ke zaune ita kaɗai. Duk wata kalma da ke nuni ga mutuncinta, ko da habaici ce, kada ta fito daga bakinka ko a gaban dillali. Hukuncin ƙazafi a shari'a bulala 80 ne, kuma tun kafin a je nan, zalunci ne a kan baiwar Allah da ta zo neman wurin kwana.

Ina kuma ganin ya dace mai gida ya dubi zuciyarsa kafin ya hana. Idan abin da ya sa kawai shi ne garin da mutum ya fito, ko yarensa, ko addininsa, ko wata lalura a jikinsa, babu zaɓen kalmomin da zai gyara wannan. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wa kowane mutum nuna bambanci saboda naƙasa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dalilin da ya shafi ɗaukar gida, ko yadda za a yi amfani da shi, ko biyan kuɗi, shi ne wanda za ka iya faɗa a gaban kowa kai a ɗage.

Kuɗinsa su riga maganarka shiri

Kada ka sanar da mutum ka fasa alhali kuɗinsa ba su kammala a hannunka ba. “Ka yi haƙuri, ga kuɗinka” magana ce da ta ƙare. “Ka yi haƙuri, za a nemo maka kuɗinka” farkon wata rigimar ce.

Kafin alƙalamin nan na dubu hamsin nasa ne gaba ɗaya. Kai ka fasa, don haka babu wani yanki da za a cire da sunan ɓata lokaci ko sharar gida. Malaman Malikiyya ma ba su yarda a cinye kuɗin kamun ciniki ba ko da mai bayarwar ne ya janye, balle a nan da janyewar daga gare ka take. Matsalar da aka fi samu ita ce kuɗin suna wurin dillali, kuma ya riga ya taɓa su da tunanin la'adarsa ce ke tafe. A ce ya kashe 15,000, saura 35,000 a hannunsa. Shawarata ka karɓi abin da ya rage, ka cika dubu goma sha biyar daga aljihunka, ka sallami mai nema, sannan ka bi dillalin a tsakaninku. La'ada sai ciniki ya faɗa ake cin ta, ya san da haka, kuma zai fi jin nauyinka kai da yake nema wa 'yan haya kullum fiye da baƙon da ya zo daga Funtua. In ka bar baƙon yana bin dillali, sunanka ne zai riƙa fitowa a duk inda ya kai kuka.

Idan ta banki aka turo, ka mayar ta asusun da kuɗin suka fito, mai sunansa, ko da ya ce a tura wa wani. In ya nace sai wani asusun, ya rubuto maka da lambar wayarsa tukuna. Cajin banki ko na mai POS kai za ka ɗauka, ya ga 50,000 cif sun shigo. Idan hannu da hannu ne, a ƙirga a gaban mutum biyu, ka karɓi rasit ɗin da dillali ya ba shi, a rubuta a bayansa kwanan wata da “an mayar da naira 50,000 cikakku”, ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa. 'Yan kuɗin da ya ba dillali na zuwa ganin gida, dubu biyu ko uku, ba wajibinka ba ne, amma in ka haɗa masa da su ka ce na mai ne, za ka ga yadda fuskarsa za ta sake.

Wa zai faɗa, a ina, yaushe

Da wuri. In ka yanke shawara ranar Talata da dare, Laraba ya ji. Mai canjin wurin aiki yana da ranar da zai kama aiki, yara na da makaranta, kuma duk kwanan da ka ƙara wani gidan ne yake wuce shi. Kunya ce ke sa mu jinkiri, muna fatan mutum zai gane da kansa in ya ga ba a ɗaukar wayarsa. Ba ya ganewa. Yana ɗauka hidima ce ta yi maka yawa, yana ci gaba da jira.

Ka fara sanar da dillali, minti kaɗan kafin ka kira mai nema, ka faɗa masa dalilin da za ka bayar kalma da kalma don bakinku ya zo ɗaya. Amma kada ka bar masa isar da saƙon. Dillali yana son ya riƙe mutumin don ya kai shi wani gida, saboda haka zai iya ƙara gishiri: “Alhajin nan ai haka yake, wani ne ya ƙara masa kuɗi.” Ka faɗa da bakinka.

In mutumin yana gari, kuma ya girme ka ko wani mai mutunci ne ya haɗa ku, ka je ka same shi, ko ka gayyace shi zaurenka lokacin da ba kowa. Banda majalisa, banda ƙofar masallaci ana fitowa, banda gaban iyalinsa ko abokan aikinsa. In ya koma Funtua, waya ta isa, bayan La'asar ko bayan Magariba lokacin da ya tashi aiki. In mace ce, a yi maganar a waya ko a gaban wanda ya rako ta, ko uwargidanka ta kasance a wurin.

Maganar kanta

Gaisuwa cikakkiya tukuna, amma kada ta yi tsawon da zai sa ya zaci albishir ne. Sannan abu huɗu a jere: godiya, hanawar a fili, dalili ɗaya, batun kuɗi da takardu. Ga yadda za ta iya kasancewa.

“Salamu alaikum, Malam, ina wuni? Ya aiki, ya iyali? Madalla. Malam, kan maganar gidan nan ne na Ƙofar Ƙaura. Na gode ƙwarai da ka ga gidana ya dace da kai, ka taso tun daga Funtua. Na zauna na duba, gaskiya ba zan iya ba da shi ba. Gidan ya yi wa iyalinka kaɗan: ɗaki biyu ne, sokawe ɗaya da sashen Hajiya, rijiyar kuma ba ta kai wa da rani. Na ga gara in faɗa maka yau don kada in tsare ka. Dubu hamsin ɗinka suna hannuna, yanzu zan tura maka, takardunka kuma ka faɗi wanda zan ba.”

Kusan tabbas zai ce: “Haba Alhaji, ai za mu lallaɓa, yaran ƙanana ne, ƙanen nawa ma ba zama yake ba.” A nan ne zuciya ke karyewa a ce “to bari mu gani”. Kada ka faɗa. Ka ce: “Na san za ka iya haƙuri, Malam, kuma na yaba. Amma na san gidan, in damina ta zo sokawen ya cika ni da kai za mu fara samun saɓani, ban kuma so mu kai nan. Maganar ta tsaya haka, ka yi mini afuwa.” Ka lura ba a kawo sabon dalili ba. Wanda aka faɗa ne aka maimaita da taushi. Da zarar ka ƙara “ga kuma batun biya kashi biyu”, ka buɗe ƙofar ciniki, zai kama wanda ya fi sauƙin warwarewa ya bar ɗayan.

Kalmomin da za ka kiyaye su ne waɗanda muke faɗa don sanyaya rai amma mai ji yake ɗauka alkawari: “in sha Allahu za a duba”, “bari in sake tuntuɓar Hajiya”, “in wani ya fita kai ne na farko”. Na ƙarshen nan ya fi haɗari in kana da wasu gidajen. Bayan wata huɗu wani zai fita, ka ba wani, mutumin ya zo ya ce ka yi masa alkawari, kuma ba ƙarya ya yi ba. In da gaske kana da gida mai ɗaki uku da zai fita a watan Janairu kuma za ka ba shi, faɗa da sunan unguwar da watan. In babu, addu'a ta wadatar: “Allah ya haɗa ka da wanda ya fi wannan alheri.” Alƙur'ani ya koyar da hakan a Suratul Isra'i, aya ta 28, cewa wanda ba ka da abin ba shi ka faɗa masa magana mai sauƙi.

Kada kuma ka jingina hanawar ga wanda ba ya wurin. “Ni na yarda, Hajiya ce ta ƙi” yana sa mutum ya nemi hanyar zuwa wurin Hajiya, ko ya ƙullaci tsohuwa a banza. Gidanka ne, shawararka ce.

Ka biyo da rubutu

Da ka ajiye waya ka tura kuɗin, sannan ka aika gajeren saƙo ta WhatsApp ko tes, tare da hoton shaidar turawa. Rubutu ya fi saƙon murya a nan, don ana iya nuna shi a karanta a minti ɗaya. Kamar haka:

“Salamu alaikum Malam. Kamar yadda muka yi magana yau Laraba, ba zan samu damar ba da hayar gidana na Ƙofar Ƙaura ba, saboda gidan ba zai wadaci iyalinka ba. Na mayar maka da naira 50,000 da ka bayar ta hannun dillali, ga shaida. Babu sauran kuɗi ko alkawari tsakaninmu. Don Allah ka tabbatar mini sun shigo. Na gode da fahimtarka, Allah ya ba ka mafi alheri.”

Jimlar “babu sauran kuɗi ko alkawari tsakaninmu” tana iya yi maka nauyi a baki, amma ita ce ke rufe maganar. In ya amsa da “sun shigo, na gode”, ka adana. In bai amsa ba har washegari, ka kira sau ɗaya ka tambaya ko ya ga kuɗin, a gaban dillalin in zai yiwu. Dalilin da ke cikin saƙon ya zama shi ne wanda ka faɗa a waya, ba ƙari ba ragi.

Takardunsa kuma ka mayar masa, ko ka yaga a gabansa, ka goge hotunansu daga wayarka, ka ce dillali ma ya goge. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ginu ne a kan cewa ba a riƙe bayanan mutum fiye da buƙatar da aka karɓe su dominta, kuma lambar ɗan ƙasa abu ce da 'yan damfara ke nema.

Masu zuwa roƙo, da abin da zai biyo baya

Ka sa rai za a yi kamun ƙafa. Zai iya zuwa da limamin unguwarku, ko abokin mahaifinka, ko wani babba a wurin aikinsa. Ka karɓe su da girmamawa, ka shimfiɗa tabarma, ka kawo ruwa. Sannan ka faɗa musu abin da ka faɗa masa, daidai: “Allah ya gafarta Malam, zuwanka ya fi ƙarfin gida a wurina. Amma abin da na gaya masa shi ne gaskiya, gidan ba zai ɗauke su ba, kuma in na ba shi don kunyarka, gobe kai za mu dawo muna ɗora wa wahalar sasanta mu.” Dattijo ya san wannan. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji ka ba shi wani dalili daban da wanda ka ba mutumin, ko ka buɗe masa abin da ka jiyo game da shi. In kana son ka fita kunyarsa, ka yi abin da za ka iya da gaske, kamar ka kira wani mai gida da ka san yana da ɗaki uku a Ƙofar Marusa ka haɗa su. Haɗawa kawai, kada ka tsaya masa a matsayin mai lamuni sai in ka shirya biya.

Bayan haka sai ka kiyaye abu biyu. Wanda za ka ba gidan ya dace da dalilin da ka faɗa: in ka ce ba zai ɗauki mutum tara ba, sannan ka ba mai mutum goma don ya biya a dunƙule, ka mai da gaskiyarka ƙarya da hannunka. Kuma bakinka ya yi shiru. Sabon ɗan haya ba ya buƙatar sanin wa aka hana, 'yan majalisa ma haka.

Za ka gane an samu matsala idan ya ƙi karɓar kuɗin, ko ya dawo maka da su, ko ya fara cewa “ai mun riga mun gama magana”. Wannan na nufin a wurinsa ciniki ya faɗa, mai yiwuwa saboda abin da dillali ya gaya masa. Kada ka yi musu a waya, kada kuma ka sa wani a gidan a wannan satin. Ka nemi zama wurin mai unguwa, da kai da shi da dillalin, ka tafi da kuɗin a hannu, da rasit, da saƙonnin da kuka yi. A fara da tambayar dillali abin da ya faɗa ranar da ya karɓi kuɗin. In ta bayyana ya ce an sallama, ka amsa cewa kuskuren daga ɓangarenka ya fito, ka tambayi mutumin abin da ya kashe a kan wannan magana, ka biya wanda ya tabbata, a rubuta a takarda ɗaya cewa an warware kuma ba wanda ke bin wani, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida.